Gyaran Saƙon Kiran Taro: Yadda Sakatare ke Mayar da "Mu Haɗu Laraba" Gayyata Cikakkiya

(KIƊAN BUƊE SHIRI)

MAI GABATARWA: Yau za mu tsaya ne a kan saƙon kiran taro da saƙon ɗage taro, irin wanda shugaba ke jefo wa sakatare a gurguje ta waya, ya ce a gyara a tura wa mutane. Tare da ni akwai Hajiya, wadda ta daɗe tana aikin sakatariya, yanzu kuma take koyar da rubutun ofis. Hajiya, barka da zuwa.

HAJIYA: Barka kadai, Malam. Ina gaida masu sauraro.

MAI GABATARWA: Hajiya, mutane da yawa sun ɗauka gyaran irin wannan saƙo shi ne a ƙara masa manyan kalmomi da dogon yabo. Haka ne?

HAJIYA: Ba haka ba ne, Malam. Saƙon da aka rubuta a gurguje ba ado ya rasa ba, bayani ya rasa. Shugaba ya san ranar, ya san wurin, ya san dalilin taron, saboda haka yana ganin kowa ma ya sani. Aikin sakatare shi ne ya gano abin da ya maƙale a kan shugaba bai sauko kan takarda ba, ya tambayo shi, sannan ya jera shi yadda wanda aka aika wa ba zai buƙaci ya bugo waya ya ce "wace Larabar?" ba. Ma'aunin ke nan guda ɗaya. In aka bugo ana tambaya, saƙon bai cika ba.

MAI GABATARWA: To, ba mu misali mu ji.

HAJIYA: Mu ƙaddara wata ƙungiyar manoman shinkafa ce. Ranar Litinin 13 ga Oktoba, da safe, shugaba ya turo wa sakatare saƙonni biyar a jere, ya ce a gyara a rarraba. Malam, ga su a takarda, karanto mana su yadda suka zo.

MAI GABATARWA: Na ɗaya: "Salam. 'Yan kwamitin zartarwa mu haɗu Laraba bayan la'asar a wajen da muka saba. Akwai magana." Na biyu: "Zaman 'yan kwamitin farashi na Alhamis ba zai yiwu ba, sai wani satin. A gaya musu." Na uku: "A ce wa malamin gona ko zai leƙo mu ranar taronmu." Na huɗu: "Mutumin Kumasi mu yi waya da shi Talata ƙarfe goma." Na biyar: "Taron membobi an canza wuri, ofis ba zai ɗauke mu ba."

HAJIYA: Madalla. Duk wanda ya taɓa riƙe ƙungiya ya san wannan salo. Kuskuren da sabon sakatare ke yi shi ne ya kama na ɗaya ya gyara ya tura, ya koma kan na biyu. Kada a yi haka. In saƙonni suka zo a tare, a tare ake dubansu, domin sukan shiga juna. Kafin ka rubuta ko kalma ɗaya, samu takarda ka ja layi biyar, kowane saƙo da layinsa. A kowane layi ka cike abu bakwai: wa ake kira, me za a tattauna, wace rana, ƙarfe nawa za a fara kuma ƙarfe nawa za a tashi, a ina, me mutum zai zo da shi, sannan wa zai shaida wa in ba zai zo ba, kuma kafin yaushe. Inda saƙon shugaba bai faɗa ba, bar gurbin fayau. Kada ka cike da zato.

MAI GABATARWA: Ko da sakataren yana da tabbacin ya san amsar?

HAJIYA: In tabbaci ne na gaske, kamar inda ofishinsu yake, ya rubuta. Amma rana da lokaci da dalilin taro na mai kiran taro ne. Sakataren da ya ƙirƙiro lokaci don saƙo ya yi kyau ya fi wanda ya tura saƙon a yadda yake ɓarna, domin yanzu kuskuren ya sa rigar hukuma, kowa zai yarda da shi. Idan ka gama cike takardar, sai ka kira shugaba sau ɗaya, ka jero masa duk guraben. Minti biyar ya isa. Ya fi ka yi ta kiransa sau biyar yana cikin gona.

MAI GABATARWA: Mu ɗauki na farkon. Me ya ɓace a ciki?

HAJIYA: Abu huɗu. Na farko, "Laraba". An rubuta saƙon ranar Litinin. Wani zai ce jibi ke nan, 15 ga wata. Wani kuma, musamman wanda bai buɗe wayarsa ba sai Laraba da dare, zai ɗauka ta mako mai zuwa ce, 22 ga wata. Haka "gobe" da "jibi" da "gata" suke. Daidai suke a lokacin da aka rubuta su, amma saƙo yakan kwana a waya, wani lokaci a tura shi gaba bayan kwana biyu. Saboda haka a gayyata ana rubuta sunan rana da kwanan wata tare: Laraba 15 ga Oktoba. Amfanin haɗa su biyu shi ne ɗaya yana tsaron ɗaya. In ka yi kuskure ka rubuta Laraba 16, mai lura zai ga ba su dace ba, ya tambaya tun da sauran lokaci. Kuma a rubuta sunan watan da haruffa. In ka rubuta lambobi zalla, kamar 3/4, mu nan 3 ga Afrilu muke karantawa, amma a tsarin Amurka, wanda wasu wayoyi da kwamfutoci ke zuwa da shi, 4 ga Maris ne.

Na biyu, "bayan la'asar". Masallatai ba su tayar da salla a minti ɗaya, lokacin ma yana ɗan motsawa daga wata zuwa wata. Wani zai iso yana sallamewa, wani yana ganin har dab da magariba bayan la'asar ne. Ban ce a cire salla daga saƙon ba, domin da ita mutanenmu ke auna yininsu. A haɗa biyun: ƙarfe 4:30 na yamma, bayan sallar la'asar. A kuma faɗi lokacin tashi. Mutumin da ya san za a tashi 5:45 zai iya tsara sauran yininsa, kuma shi kansa taron ba zai yi ta jan jiki ba.

Na uku, "wajen da muka saba". Sabon memba bai saba ba. Na huɗu kuwa shi ne mafi girma: "akwai magana". Wannan jimla tana sa wasu fargaba, tana sa wasu su ƙi zuwa don ba su ga abin da ya shafe su ba, kuma duk wanda ya zo zai zo hannu rabbana, ba tare da takardar da ake buƙata ba.

MAI GABATARWA: Da sakatare ya tambaya, me shugaba ya ce?

HAJIYA: Ya ce Larabar jibi ce, a ofis, kuma maganar bashin takin noman rani ce: ana so a yanke buhu nawa za a nema, da yadda za a raba. Ya ce ma'aji ya zo da littafin waɗanda ba su gama biyan na bara ba. To karanto mana yadda saƙon ya koma.

MAI GABATARWA: "Gayyatar taro: kwamitin zartarwa, Laraba 15 ga Oktoba. Assalamu alaikum. Shugaba yana gayyatar 'yan kwamitin zartarwa zuwa taro domin yanke shawara kan bashin takin noman rani. Rana: Laraba 15 ga Oktoba. Lokaci: ƙarfe 4:30 zuwa 5:45 na yamma, bayan sallar la'asar. Wuri: ofishin ƙungiya, daura da tashar mota. Abin da za a tattauna: ɗaya, adadin buhunan da za a nema, biyu, yadda za a raba. Ana roƙon ma'aji ya zo da littafin bashin bara. Wanda ba zai samu zuwa ba ya sanar da sakatare kafin ƙarfe 6 na yammacin Talata 14 ga wata. Na gode. Sakatare."

HAJIYA: Masu sauraro su lura da layin farko. Shi ne kan saƙo, kuma shi kaɗai ke fitowa a fuskar waya kafin a buɗe. Ya faɗi irin saƙon, ya faɗi waɗanda ya shafa, ya faɗi rana. Su kuma lura da cewa an rubuta "domin yanke shawara", ba "domin tattaunawa" kawai ba. Taron da za a yanke hukunci a cikinsa daban yake da taron sauraron bayani. Wanda ya san za a yanke abin da zai hau kansa ba ya fashi cikin sauƙi.

MAI GABATARWA: Amma Hajiya, wani zai ce saƙon ya yi tsaurin ido. Ina gaisuwa? Ina tambayar iyali da gajiya?

HAJIYA: Sallama tana nan, godiya tana nan, kuma "ana roƙon" ya fi "dole ne". Ladabi bai tafi ko'ina ba. Abin da muka hana shi ne gaisuwa mai layi biyar ta tura ranar taro can ƙasa inda ido ba ya kaiwa. Akwai wanda matsayinsa ke buƙatar ƙarin girmamawa, za mu zo kansa. Amma ga abokan aiki, girmamawar ita ce kada ka ɓata musu lokaci.

(GAJEREN KIƊA)

MAI GABATARWA: Idan yanzu kuka kama mu, muna magana ne kan gyaran saƙonnin kiran taro. Hajiya, sai na biyu, wanda aka ɗage.

HAJIYA: Saƙon ɗage taro ya fi na gayyata haɗari, Malam, domin akwai tsohuwar rana da ta riga ta zauna a kan mutane. Aikinka biyu ne: ka tuge tsohuwar, ka dasa sabuwar. Saƙon shugaba bai yi ko ɗaya da kyau ba. Ya ce "na Alhamis", bai faɗi kwanan wata ba. Ya ce "sai wani satin", wanda ba rana ba ce. Ya ce "a gaya musu", wanda ke nufin wani zai ji, wani ba zai ji ba, ya ƙona mai ya zo ya tarar da ƙofa a kulle.

Da sakatare ya tambaya, shugaba ya ce a mayar da shi Talata 21 ga wata, daga ƙarfe 10 zuwa 12. To a nan ne amfanin takardar nan mai layi biyar ya fito. Sakatare ya duba layi na huɗu, ya ga ai akwai waya da mutumin Kumasi ranar Talata, ƙarfe goma. Ya tambaya wace Talatar, aka ce ita dai 21 ɗin. Ka ga shugaba ya ba wa kansa zama biyu a safiya ɗaya bai sani ba. Da an gyara saƙonnin ɗaya bayan ɗaya an tura, da sai an sake ɗage taron karo na biyu, kuma daga ɗagewa ta biyu mutane ke daina ɗaukar ranakun ƙungiya da muhimmanci. Sai aka mayar da zaman kwamitin farashi Laraba 22.

MAI GABATARWA: Ga yadda ya fito: "An ɗage taro: kwamitin farashi ya koma Laraba 22 ga Oktoba. Assalamu alaikum. Zaman kwamitin farashi zai gudana yanzu ranar Laraba 22 ga Oktoba, ƙarfe 10 na safe zuwa 12 na rana, a ofishin ƙungiya. Ba za a yi zaman Alhamis 16 ga Oktoba ba. Abin da za a tattauna bai canza ba: farashin buhun shanshera na wannan kaka. A yi haƙuri da wannan sauyi. Don Allah kowa ya amsa da 'na gani' kafin yammacin Talata 14 ga wata. Sakatare."

HAJIYA: Tsarin ya fito fili. Sabuwar rana ce a gaba, a kan saƙo da kuma jimlar farko, domin ranar da ido ya fara gani ita ke zama a kai. Tsohuwar rana ta zo sau ɗaya tak, a jimlarta ita kaɗai, kuma an ce ƙarara ba za a yi ba. Sannan an faɗi abin da bai canza ba, an ma maimaita wuri da lokaci, don saƙon ya tsaya da ƙafarsa. Kada ka rubuta "sauran bayani yana nan yadda yake", ka tilasta wa mutum ya koma yana laluben tsohon saƙo a cikin saƙonni ɗari.

MAI GABATARWA: Na ga ba a faɗi dalilin ɗagewar ba.

HAJIYA: Da gangan. Idan dalilin na kowa ne, kamar hutun gwamnati ko rasuwar da jama'a za su je, a faɗa a jimla ɗaya. Idan kuwa na sirrin mutum ne, misali shugaba zai kai iyalinsa asibiti, ba hurumin sakatare ba ne ya baza. Haƙuri kuma sau ɗaya ya isa. Wani sakataren sai ya cika rabin saƙo da ban haƙuri, sabuwar ranar ta nutse.

Sai maganar "na gani". A gayyata ta farko za ka iya cewa wanda ba zai zo ba ne kawai zai yi magana. A ɗagewa kuwa kowa sai ya amsa, domin shirun mutum yana iya nufin bai gani ba. Ranar Laraba da safe sakatare ya duba jerin sunaye, wanda bai amsa ba ya kira shi. In 'yan kwamitin bakwai ne, biyar suka amsa, kira biyu ne kawai.

MAI GABATARWA: Idan kuma ba a tsayar da sabuwar rana ba fa?

HAJIYA: Sai ka faɗi gaskiya, amma ka ba da ranar da za a ji. Ka rubuta: "Ba za a yi zaman Alhamis 16 ga Oktoba ba. Za a sanar da sabuwar rana kafin Litinin 20 ga wata." Wannan ya fi "har sai abin da hali ya yi". Kada kuma ka riƙe sanarwar sokewa kana jiran sabuwar rana. Soke tsohuwar shi ne na gaggawa.

Akwai kuma tarko biyu na na'ura. A WhatsApp ana iya gyara saƙo cikin minti 15 da tura shi, amma gyaran ba ya kaɗa wa kowa ƙararrawa. Wanda ya riga ya karanta ba zai san an sauya ba. Saboda haka sauyin rana sabon saƙo yake buƙata. A kalandar waya ko ta kwamfuta kuwa, irin su Google Calendar, akasin haka ne: ka buɗe taron da ka riga ka aika ka sauya ranarsa, ka tura sanarwar sauyin. In ka ƙirƙiri sabo ka bar tsohon, mutane za su ga taro biyu, wayarsu ta tuna musu da wanda aka soke.

(GAJEREN KIƊA)

MAI GABATARWA: Mu je ga baƙo, malamin gona. Shi ba ɗan ƙungiya ba ne.

HAJIYA: Shi ya sa nasa ya bambanta. 'Yan ƙungiya kiransu ake yi, baƙo kuwa roƙonsa ake yi, kuma bai san komai na cikin gida ba. "Ranar taronmu" ba ta gaya masa komai, alhali a takardarmu akwai taro uku. Shugaba ya ce taron membobi yake nufi, na Asabar 25 ga wata. A nan ma layi na biyar ya cece mu, domin wannan taron ne aka canza wa wuri. Da an tura wa malamin gona gayyata kafin a duba, da ofis zai nufa, jama'a suna makaranta suna jiransa.

Baƙo yana buƙatar ƙarin abu uku: su wane ne ku, me kuke so ya yi, kuma minti nawa kuka ba shi. "Ko zai leƙo mu" yana iya nufin ya zo ya zauna, yana iya nufin ya yi jawabi. Mutum ba ya son a miƙa masa lasifika bai shirya ba.

MAI GABATARWA: "Assalamu alaikum, ranka ya daɗe. Bayan gaisuwa da fatan alheri, ƙungiyarmu ta manoman shinkafa tana gayyatarka zuwa taron membobinta ranar Asabar 25 ga Oktoba, a ɗakin taro na makarantar firamare da ke bayan kasuwa. Muna roƙon ka yi mana bayani na minti 20 kan renon irin shinkafa na noman rani, sannan minti 10 na tambayoyi. Za a fara taro ƙarfe 10 na safe, lokacin bayaninka kuwa ƙarfe 11. Muna sa ran manoma kimanin 60. Za mu ji daɗi idan ka sanar da mu ko za ka samu dama kafin Litinin 20 ga wata. Sakatare, a madadin shugaba." Sai lambar waya a ƙasa.

HAJIYA: Ka ji gaisuwa ta ɗan ƙaru, amma layi ɗaya ce. An ba shi lokacin da zai yi magana, ba lokacin buɗe taro kaɗai ba, don in yana da uzuri ya san sa'ar da ba za ta yiwu ya makara ba. An gaya masa yawan jama'a don ya san irin shirin da zai yi. In kuwa hakimi ne ko dagaci ko babban malami, saƙon waya ba ya wadatarwa. Takarda ake bugawa, a tashi mutum ya kai da ƙafarsa, saƙon waya ya biyo baya don tuni. Amma bayanan da ke ciki su ne dai waɗannan.

MAI GABATARWA: Sai mutumin Kumasi. Me ya yi saura, tunda an san Talata 21 ce?

HAJIYA: Ƙarfe goman wa? Agogon Ghana yana bayan na Najeriya da awa ɗaya. Ƙarfe 10 a Kumasi, ƙarfe 11 ne a Kano. Najeriya da Nijar da Kamaru da Chadi agogonsu ɗaya, shi ya sa muke mantawa. Sudan kuwa tana gabanmu da awa ɗaya. Ingila ta fi rikitarwa: daga ƙarshen Maris zuwa ƙarshen Oktoba agogonmu ɗaya da su, sauran watannin suna bayanmu da awa ɗaya. Ƙa'idar ita ce, in taro ya tsallaka iyaka, a rubuta lokaci biyu, a fara da na wanda ake aika wa. Da shugaba ya tabbatar goman Ghana yake nufi, sai saƙon ya ce: "Talata 21 ga Oktoba, ƙarfe 10 na safe agogon Ghana, wato ƙarfe 11 agogon Najeriya, na tsawon minti 30." A kuma faɗi wa zai kira wa, kuma ta wace hanya: "Shugaba ne zai kira ka ta WhatsApp." In ba haka ba, kowa zai zauna riƙe da waya yana jiran ɗan'uwansa. A ƙara abin da za a yi magana a kai, yawan buhuna da farashi, don ya shirya lissafinsa.

MAI GABATARWA: Na biyar fa, canjin wuri?

HAJIYA: Gininsa irin na ɗagewa ne, sai dai a nan dole ka danne wani zato. Mutane da sun ga kalmar "canji" sai su ɗauka rana ce ta canza. Saboda haka kan saƙon ya ce: "Canjin wuri kawai: taron membobi, Asabar 25 ga Oktoba." Sannan sabon wuri da kwatance, sannan "ba a ofis za a yi ba", sannan "rana da lokaci suna nan: Asabar 25 ga Oktoba, ƙarfe 10 na safe". Ranar taron kuma a manna takarda a ƙofar ofis, ko a tsayar da yaro, saboda wanda saƙo bai riske shi ba.

Tunda kuma membobi ba duka ke karatun boko ba, sakatare ya karanta wannan saƙon da bakinsa ya tura a matsayin saƙon murya, kalma da kalma, ya maimaita rana da wuri sau biyu. Muryar tana raka rubutu ne, ba ta maye gurbinsa, domin ba a iya laluben kwanan wata a cikin murya mai minti uku.

MAI GABATARWA: Akwai taron da wannan tsari bai ishe shi ba?

HAJIYA: Akwai. Taron da doka ko kundin ƙungiya ya tsara yadda za a kira shi. A Najeriya, dokar kamfanoni ta 2020 ta tanadi sanarwar kwana 21 kafin babban taron kamfani, kuma sanarwar ta faɗi wuri da rana da lokaci da abin da za a tattauna. Ƙungiyoyi ma kundinsu yakan faɗi kwana nawa za a bayar kafin babban taro ko zaɓe. A irin wannan, kyan saƙo ba ya rufe gajartar wa'adi. Wanda hukuncin bai yi wa daɗi ba zai iya cewa ba a kira taron bisa ƙa'ida ba. Sakatare ya buɗe kundin kafin ya sa rana.

MAI GABATARWA: Lokaci ya kusa cimma mana. Saƙonni biyar sun kammala, sai a tura?

HAJIYA: Saura dubawa ta ƙarshe, kuma da kalanda a buɗe ake yinta. Ka bi kowane saƙo ka tabbatar sunan rana ya dace da kwanan wata. Ka tabbatar kowane lokaci yana da "na safe" ko "na yamma". Ka jera biyar ɗin ka ga tsarinsu ɗaya ne, rana kafin lokaci, lokaci kafin wuri, don idon membobi ya saba da inda zai nemi kowane abu. Ka yi hattara in kana kwafar tsohon saƙo kana sauya rana, domin a nan tsohon wuri ko sunan wani kwamiti ke maƙalewa a tsakiya. Sannan ka tura wa shugaba ya gani ya amince. Daga nan kowane saƙo ya tafi shi kaɗai ga mutanensa. Kada ka haɗa taro biyu a saƙo ɗaya, kada kuma ka zuba maganar bashin kwamiti a zauren membobi duka. Wanda ya fi gaggawa shi ke fara tafiya: a misalinmu, gayyatar Laraba 15 da sokewar Alhamis 16 su fita yau Litinin, sauran su biyo baya.



 

MAI GABATARWA: Masu sauraro, a nan za mu dakata. A madadin Hajiya da injiniyan da ya haɗa mana sauti, nake cewa a kasance lafiya. Wassalamu alaikum.

(KIƊAN RUFE SHIRI)